Ya kalli Baffansa ido cikin ido, yanzu an ce ba mu yi masa tarbiyya ba

Maman Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun hutun da muka zo Kano, na ce bari in kawo shi nan ko zan samu mai warware min.

A Ingila muke zaune, can aka haifi babban yarona, yanzu shekararsa 12. Washegarin saukarmu Abbansu ya kwashe su zuwa gaida yayansa, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu. Yaro ya yi sallama, ya cire takalmi kamar yadda na koya masa, sai ya taka har gaban Baffa, yana tsaye ƙiƙam ya miƙa hannu, ya kalle shi cikin ido yana murmushi, ya ce da ƙarfi, "Baffa ina wuni, kana lafiya?" Baffa ya amsa a gajarce. Da dare ya kira ƙaninsa ya ce yaron nan idonsa a tsaye yake, a yi masa gyara tun da wuri.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, lokacin da yake ɗan shekara 7 malamarsu ta kira ni makaranta ta ce in ana masa magana sai ya dinga kallon ƙasa, kuma ba a jin muryarsa, ko akwai matsala a gida? Wata da watanni muka yi muna koya masa ya ɗaga kai ya buɗe baki. Yanzu abin da muka sha wahalar koya masa shi ne ya zama laifi. Ya tambaye ni me idonsa ya yi wa Baffa, wallahi na rasa amsa, sai cewa na yi haka muke yi. Don Allah me ido yake faɗa ne da har kallo zai zama rashin kunya?

Ɗan Kwari:
Hajiya ai kin ba shi amsa. Haka muke yi. Mu da muka tashi waye ya tsaya yi mana bayani? Ranƙwashi ɗaya kake sha ka gane.

Maman Biyu:
Alhaji yaran yanzu ranƙwashi ba ya shigar musu da karatu, sai dai ya ƙi zuwa gidan gaba ɗaya. Kuma ni kaina ina son in sani.

Abu Sumayya:
'Yar'uwa abin a bayyane yake cikin Alƙur'ani. Suratun Nur aya ta 30 da ta 31 an umarci muminai maza da mata su runtse ganinsu. Suratu Luƙman aya ta 19 kuma aka ce ka sassauta muryarka, mafi munin sautuka shi ne kukan jakuna. To ki karanta masa waɗannan. Amma maganar tsayuwa, yaronki ne a kan daidai. Durƙusa wa mutum ba ya cikin Sunna, musabaha ita ce Sunna. Baffan ne ke buƙatar gyara a nan.

Malamar Islamiyya:
Malam Abu Sumayya, ayar Luƙman ta zauna daram, amma ta Nur ba wurinta ba ne nan. Waccan tana magana ne a kan kallon abin da bai halatta a kalla ba da tsare farji, ba ta shafi yaro da baffansa ba. In ta karanta masa ita, yaro mai wayo zai ce to Baffa mace ne?

Abin da ya fi kusa da tambayarta yana cikin labarin sulhun Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira. Urwatu ɗan Mas'ud, lokacin bai musulunta ba, Ƙuraishawa suka aike shi wurin Manzon Allah (SAW). Da ya koma yake ba su labarin yadda ya ga sahabbai, cikin abin da ya lissafa har da cewa in suna magana a gabansa suna sassauta murya, kuma ba sa ƙura masa ido saboda girmamawa. Kun ga ido da murya a tare, kuma baƙo ne ya gani ya karanta ma'anarsa ba tare da an fassara masa ba. Amru ɗan Asi ma da yake jinyar ajali ya ce bai taɓa iya cika idonsa da kallon Annabi ba don kwarjini, har in aka ce ya siffanta shi ba zai iya ba. Na farko yana cikin Buhari, na biyu cikin Muslim.

Sai dai a yi adalci, wannan matsayi ne na Annabi, kamar yadda farkon Suratul Hujurat ya hana ɗaga murya sama da tasa. Malamai sun yi ƙiyasin ladabin malami da iyaye a kai, amma ba wanda zai ce yaron da ya kalli baffansa ya yi zunubi.

Abu Sumayya:
Na karɓi gyara a kan ayar Nur, Allah ya saka. Amma hadisin Anas yana nan a Tirmizi: an tambayi Annabi in mutum ya gamu da ɗan'uwansa ko abokinsa zai rusuna masa? Ya ce a'a. Zai kama hannunsa su yi musabaha? Ya ce e. Wannan ba ni na ƙirƙira ba.

Tsohon Hedimasta:
Ku bar ni in sa baki kafin a mayar da zancen muhawarar durƙuso, don wannan tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 ake yin ta a zaurukan gidaje, ba kuma yau za a gama ba. Baffan nan bai ce yaro bai durƙusa ba. Cewa ya yi idonsa a tsaye yake. A tsaya a nan.

'Yata, fara da wannan tambayar. Kakar yaron tana raye? In tana raye, yaya suke gaisawa?

Maman Biyu:
Tana nan Baba, mahaifiyata. Ai su kam ba a magana. Da ya shiga take ce masa mijin banza ya zo hannu rabbana, shi kuma ya ce ya sake ta ya auri Baturiya. Har kan gadonta yake hawa suna ihu.

Tsohon Hedimasta:
Madalla. To ta girmi Baffa ko ba ta girme shi ba? Na san ta girme shi. Ga tsohuwa mai furfura ana kallon tsabar idonta ana ɗaga mata murya, ba wanda ya ce rashin kunya ne, dariya ma ake yi. Ashe ke nan ba shekaru ake sunkuya wa ba. Da shekaru ne, da kaka ce za a fi sadda wa kai a duk gidan.

Bahaushe ya raba danginsa gida biyu. Akwai waɗanda ake wasa da su: kaka da jika, taubasai wato ɗan mace da ɗan namiji, ƙanin miji da matar wa. Akwai kuma waɗanda ake jin kunya: uba da duk wanda ke layin uba, wato baffa da gwaggo, sai surukai, sai malamin da ya koya maka karatu. In kin duba gida na biyun, duk mutanen da ke da iko a kanka ne ko suka ba ka abin da ba za ka iya biya ba. Baffa shi ne zai karɓa wa yaron nan aure wata rana, shi zai bayar da ƙanwarsa, in babu uba shi ne uba. Kaka ba ta hukunta kowa, ita ce ma wurin ɓuya in an biyo ka da bulala.

Shi kallo a wurinmu aiki ne na mai bincike. Wanda ke sama shi ke duban na ƙasa, ya ga ko ya rame, ko ya yi wanka, ko ƙarya yake yi. In tsara biyu suka haɗu sai su dubi juna, don kowa na da damar auna ɗan'uwansa. To da yaro ya tsaya ya zuba wa Baffa ido, abin da Baffa ya karanta shi ne, ni ma ina auna ka kamar yadda kake auna ni. Shi yaron gaisuwa ya yi da zuciya ɗaya, amma jikinsa ya ce mu tsara ne. Ba ki ji ana cewa ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe? Mun ɗauka cewa yawan kallo yana cinye kwarjini, shi ya sa ake tsimin sa a kan wanda ba a so a raina.

Kuma ki lura da kanki. Kin rubuto dogon bayani a kan yaron nan, ko sau ɗaya ba ki kama sunansa ba, sai "babban yarona". Mijinki ma "Abbansu" kika ce. Wa ya tilasta miki a nan, inda ba wanda ya san ki?

Maman Biyu:
Ikon Allah. Baba wallahi ban lura ba. Ɗan fari ne, kuma sunan surukina ya ci, ko a can ban taɓa kiran sunan ba, laƙabi muke faɗa masa.

Tsohon Hedimasta:
To abin da bakinki ke yi wa sunan, shi ake so idonsa ya yi wa fuskar Baffa. Abu ɗaya ne, kauce wa fuskantar mutum kai tsaye. Har cikin nahawun gaisuwar yana nan. Yaronki ya ce "kana lafiya?" Wannan "ka" ɗin ɗan yatsa ne, nuna mutum yake yi. Yaron da ya tashi a gida cewa zai yi "Baffa an wuni lafiya?" ko "an tashi lafiya?", sai maganar ta bi ta gefen mutum ba ta doke shi a ƙirji ba. Ina zargin "kana lafiya" ɗin nan ta soki Baffa fiye da idon ma, bai dai tsaya rarrabewa ba ne.

Bamaraɗiya:
Mu a wajenmu "ku" muke cewa, kun kwana lahiya, kun tashi lahiya. In na ce wa uwar mijina "kin" sai an yi zama a kaina.

Ɗan Kwari:
Mu dai a cikin gari ina ce wa mahaifina "ka" kuma ba a taɓa cewa na yi rashin ladabi ba. Ranka ya daɗe ma ai "ka" ce, har Sarki ake faɗa wa.

Tsohon Hedimasta:
Alhaji ka kama ni a nan, Ranka ya daɗe "ka" ce tabbas. Sai dai addu'a ce, ba tambaya ba. Amma na yarda abin ya bambanta gida-gida da gari-gari, na ga gidajen da "ku" wajibi ce, na ga inda ba a damu ba. Abin da ban taɓa gani ba shi ne gidan da "an wuni lafiya" ta zama laifi, shi ya sa ita zan ba yaro ya riƙe.

Injiniya a Legas:
Ku yi haƙuri Baba, ni fa ina da ja. Duk wannan bayani mai daɗi, a ƙasansa tsoro ne aka sa wa riga. Ni na tashi ban iya kallon babba ba. Na je neman aiki a wani kamfani bayan bautar ƙasa, mutum uku suna min tambayoyi, na amsa komai daidai amma kaina na kan tebur, muryata kamar mai raɗa. Daga baya wani da ke ciki ya gaya min sun ce ba ni da ƙarfin gwiwa, ba za a iya tura ni gaban abokan ciniki ba. Wanda aka ɗauka ba ladabi kawai na fi shi ba, har sanin aiki na fi shi. Shekara biyu na yi ina koyon kallon mutane kamar mai koyon tuƙi. Maman Biyu, ni shawarata kar ki lalata abin da yaronki ya samu don ran wani tsoho ya yi daɗi na sati uku.

'Yar Zongo:
Ni ma abin da ke damuna ke nan da yaran yanzu, kana musu magana idonsu na kan waya. Ɗiyar ƙanwata a nan Kumasi sai ta gaishe ka ba ta ko ɗago kai ba, tana latsa abu. A karɓe wayoyin kawai.

Ɗan Kwari:
Hajiya ta Zongo ai wannan sunkuyon daban ne, waya ake girmamawa ba ke ba.

Jikan Dogari:
Injiniya, in tsoro ne kawai, ka bayyana min wannan. Kakana dogari ne, na taso ina bin sa fada. A duk zaman fada wa ya fi kowa ƙanƙantar murya? Sarki. Amawali ya rufe masa baki, in ka faɗi ka yi gaisuwa ba shi zai amsa ba, fadawa ne za su ɗaga murya su ce an gaishe ka, Sarki ya gaishe ka. In zai yi magana a hankali zai yi, wani ya maimaita. Masu kururuwa a fada su ne maroƙa da masu kirari da mu dogarai. To wa Sarki yake tsoro?

Abin da na fahimta, a wurin Bahaushe ɗaga murya aikin wanda bai mallaki kansa ba ne, ko wanda aka sa shi aiki. Mai daraja ba ya ihu, don ba ya buƙata, kowa zai yi shiru ya saurara. Saboda haka yaron da aka koya wa sassauta murya gaban manya ba ƙasƙanci kaɗai ake koya masa ba, ana koya masa irin muryar da zai yi amfani da ita ran da ya zama babba. Ka duba dattijon unguwarku da ake jin maganarsa, ka gaya min ko mai hayaniya ne.

Injiniya a Legas:
Misalinka ya yi kyau amma ya taimake ni ne. Sarki ya yi ƙasa da murya don ya ga dama, talaka ya yi don dole. Kamanninsu ɗaya, ma'anarsu ba ɗaya ba. Kuma fadar da kake faɗa ai a da har ƙasa mutane ke zubawa a ka in za su gaida sarki, afi ke nan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa shi cikin munanan al'adun sarakunan Hausa a Kitabul Farƙi. Da an ce masa haka muke yi ya yi shiru, da har yau muna wanka da turɓaya.

Jikan Dogari:
Afi daban, sadda kai daban. Shehun da ya hana afi ai almajiransa ba su zauna suna zare masa ido ba.

Malamar Islamiyya:
Injiniya yana da gaskiya ta wani gefen, kada a share. Ina koyar da 'yan mata, kuma akwai ranar da yarinya ke da magana mai nauyi a kan wani babba a gidansu, amma tarbiyyar da aka yi mata ta hana ta ɗaga kai ta faɗa. Sai ka yi wata kana lallashi. Kunyar da ke hana faɗin gaskiya ba ita addini ya yaba ba. Matan Ansar an yabe su ne don kunya ba ta hana su tambayar addini ba.

Nas Mai Aikin Dare:
Mu a asibiti kullum muna fama da shi. Amarya za ta zo awo da uwar miji, likita na tambaya tana kallon ƙafarta tana motsa leɓe, uwar miji ce ke amsawa. Dabarar da muka koya ita ce a aiki tsohuwar ta je karɓo kati ko magani. Tana fita sai ki ga yarinya ta ɗago, murya ta fito garau, har da abin da ba a tambaye ta ba. Wannan ya nuna min ba halinta ba ne, wanda ke ɗakin ne ke kunna abin ya kashe. Sabbin likitocin da ba su san wannan ba sai su rubuta cewa mara lafiya ba ta ba da haɗin kai.

Wani abin dariya kuma, kakana kunnensa ya yi nauyi. Jikoki ba matsala, ihu muke masa. Amma surukansa mata sun shiga uku, in sun yi ƙasa-ƙasa ba ya ji, in sun ɗaga su ji kamar sun yi rashin kunya. Ƙarshe sai su matso dab da kunnensa su durƙusa, fuska na kallon bango.

Tsohon Hedimasta:
Maganar Nas ita ce amsar Injiniya. Abin da ya same ka ba yawan ladabi ba ne, an ba ka makulli ɗaya ne aka ce ka buɗe kowace ƙofa da shi. Yaron Maman Biyu ma makulli ɗaya gare shi, nasa dai na can ne. Bature ya ɗauki ido a matsayin shaidar gaskiya, in ka kauce yana zargin kana ɓoye wani abu. Mu mun ɗauke shi a matsayin ma'aunin matsayi. Bayerabe da ke kwanciya ƙasa ya gaida uba ai shi ne kuma ke tsayawa gaban manaja ya yi magana da ƙarfi, bai ga ya rasa komai ba.

'Yata, ga abin da za ki gwada da shi a ɗaki kafin ku koma gidan, ke ki zama Baffa. Ya yi sallama daga bakin ƙofa da muryar da za a ji, nan ba a rage murya, sallama haƙƙinta a ji ta. Ya jira a amsa. In ya shiga ya tarar Baffa na zaune a tabarma ko kujera, kada ya yi gaisuwa kansa na sama da na Baffa. Tun da akwai masu ja a kan durƙuso, ya samu wuri ya zauna a ƙasa ɗan nesa kaɗan, kamar taku biyu, ba kuma saitin fuska sak ba, ya ɗan karkace. Zama ba ruku'u ba ne, ina jin ko Malam Abu Sumayya ba zai hana ba.

Hannu kuma ba shi zai fara miƙawa ba. In Baffa ya miƙo, ya karɓa da hannu biyu ko ya dafa damtsen damansa da hagu, kada ya girgiza kamar an gama ciniki. Ido kuwa, ba a ce ya binne shi a ƙasa kamar ɓarawon da aka kama ba. Ya duba fuskar sau ɗaya lokacin da ya fara gaisuwa, don a san da wa yake, sannan ya sauke kan hannuwan Baffa ko gefen tabarma. In aka yi masa tambaya ya ɗan ɗago ya amsa ya mayar. Murya daidai wadda za ta isa kunnen Baffa ba ta fita tsakar gida ba. Ya ce an wuni lafiya, ya gida, shi ke nan, sauran tambayoyi na Baffa ne: ya karatu, ya sanyin can, ana salla kuwa. Kada ya cike shirun da ke tsakani, shirun na babba ne. Kuma kada ya miƙe sai an ce Allah ya yi albarka ko a gaida mutan gidan, wannan ita ce sallamarsa.

Abu Sumayya:
Zama a ƙasa ba ni da ja a kai Baba, sahabbai sun zauna gaban Annabi. Abin da nake ƙi shi ne a lanƙwashe baya kamar ana ruku'u. Amma jiran babba ya fara miƙo hannu, wannan ban san masa dalili ba, ni ina miƙa wa kowa.

Tsohon Hedimasta:
Dalilinsa al'ada ce ba nassi ba, ban ce nassi ba ne. Kai malami ne mai gemu, in ka miƙa za a karɓa. Ɗan shekara 12 da aka riga aka ce idonsa a tsaye yake, gara ya jira.

Maman Biyu:
Baba Allah ya ƙara girma, na kwafe duka. Amma tsorona ɗaya, yaron nan in ransa bai so abu ba shi ma sunkuyar da kai yake yi ya ƙi kallon mutum. Kar ya je ya yi irin wannan a ce kuma fushi yake da Baffa.

Tsohon Hedimasta:
Shekara 31 na yi ina kallon kawunan yara a sunkuye, bambancin ba ya ɓuya. Mai ladabi kansa ƙasa yake amma fuskarsa na wajenka, kafaɗa a sake, kuma kana rufe baki amsa na fitowa. Mai fushi gefe yake kawar da kai, ya turo baki, wuya a sandare, amsa sai an ja ta, ta fito ta hanci. Shi ma mai gunaguni ai muryarsa ƙasa take, amma ba wanda ya taɓa ɗaukar gunaguni ladabi. Akwai na uku, wanda ya fi kowa iya sunkuyo, Musa a baki Fir'auna a zuci, yana fita zaure ya kwaikwayi tafiyarka. Shi kam ni ma ya sha cin ni, sai daga baya nake ji. Dattawa sun san da irinsa sarai, sun dai fi son a yi musu ƙaryar ladabi da a yi musu gaskiyar raini a gaban jama'a, don gaisuwa ba ta mutum biyu ba ce, duk wanda ke zaune a wurin yana karanta wa aka girmama, kuma ɗan gidan wa ne.

Injiniya a Legas:
To kun ga, Baba da bakinsa ya ce wasan kwaikwayo ne.

Jikan Dogari:
Kallon idon da ka yi shekara biyu kana koya fa, shi ba wasan kwaikwayo ba ne?

Injiniya a Legas:
Shi aƙalla albashi yake kawowa.

Maman Biyu:
Jama'a na dawo da labari. Mun yi gwaji sau uku a ɗaki, ƙanwarsa na ta dariya, jiya da la'asar suka koma da Abbansu. Yaron ya ce min ya zauna a ƙasa, ya ce an wuni lafiya, ya kafa ido a kan carbin Baffa har ya ƙirga 'ya'yan da ake gani. Baffa ya tambaye shi izu nawa ya haddace, ya ba shi dubu biyu, ya ce wa Abbansu ashe yaron yana da hankali.

Da suka dawo na gaya masa zancen kaka da baffa kamar yadda Baba Hedimasta ya yi bayani, ya gane tsaf. Sai ya ce to shugaban makarantarsu ai shi ma yana da iko a kansa kuma yana hukunci, wane gida zai sa shi, na wasa ko na kunya? Na ce wannan ka kalle shi cikin ido. Ya ce to limamin masallacinmu na can fa, wanda ɗan Pakistan ne amma a Ingila aka haife shi? Na ce ya bari in tambayo.